Wurare goma sha huɗu a minti uku: yadda za a tsara rubutun bidiyon tallata Kumasi

Tambaya: "Yaya, an ba kamfaninmu aikin bidiyon jawo baƙi zuwa Kumasi na majalisar birni, minti uku, kuma ni aka ɗora wa rubutun Hausa. Kwamiti ya miƙo mini wurare goma sha huɗu, ya ce a sa tarihi, a kuma sa mai kallo ya ji ana maraba da shi. Na rubuta, amma in na karanta sai in ji kamar darasin makaranta. Ta ina zan gyara?"

Ƙanwata, fara da agogo kafin ki taɓa ko jimla ɗaya. Mai karanta sharhi da Hausa, in ba tsere yake yi ba, kalma biyu yake furtawa a daƙiƙa, wani lokaci da ɗan ɗori. Minti uku daƙiƙa 180 ne. Ba duka za a cika da magana ba, domin dole a bar wa kiɗa da hayaniyar kasuwa da muryar mutanen gari wuri, a ƙalla kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya rage miki bai wuce kalma 240 ba. Raba wannan gida goma sha huɗu, kowane wuri ya sami kalma 17 da kusan daƙiƙa 13. A cikin kalma 17 ba abin da zai shiga sai sunan wurin da shekarar da aka gina shi, shi ya sa kike jin darasi. Laifin ba na alƙalaminki ba ne, na lissafi ne. Minti uku na ɗaukar wuri shida a natse, sai ɗan leƙe na wasu uku a ƙarshe.

Abu na biyu da za ki yanke shi ne wa kike wa magana. Rubutun Turanci na wannan aiki yana kallon baƙo daga Accra ko daga ƙetare. Naki na Hausa yana kallon wani mutum dabam: ɗan kasuwa daga Kano ko Maraɗi da ya saba zuwa sari ya juya, iyali daga Tamale ko Bawku da ke zuwa biki, ɗan unguwar Nima ta Accra da ya sha ratsa Kumasi a mota bai taɓa tsayawa ba. Waɗannan sun san sunan garin tun suna yara. Abin da kike nema shi ne su ƙara kwana ɗaya. Don haka kada ki yarda a miƙo miki rubutun Turanci a ce ki juya shi. Hotuna ɗaya za ku yi amfani da su, amma maganar da ke kansu ki gina ta daga tushe.

Yanzu ga inda aikin yake, wato jerin wuraren. Shi ne ƙashin bayan bidiyon, kuma in ya tsaya daidai, tarihin da fara'ar duk za su sami wurin zama da kansu. Hanya uku ake bi a jera wurare: ko a bi titi yadda baƙo zai taka da ƙafarsa, ko a bi zamani daga tsoho zuwa sabo, ko a bi rana daga safiya zuwa dare. A yawancin garuruwa sai an zaɓi ɗaya an bar biyu. Kumasi ta yi miki gata, domin akwai jeri guda da ya haɗa ukun.

Ki fara da safe a wurin takobin Okomfo Anokye, cikin harabar asibitin koyarwa na Komfo Anokye. Nan ne labarin kafuwar daular Asante, wajen shekara 300 da suka wuce. Daga nan tafiyar ƙafa ce zuwa Cibiyar Al'adu, inda masaƙa da masassaƙa ke aiki kuma gidan tarihin Prempeh na biyu yake. Sai ki gangara unguwar Adum, wurin tsohon barikin Turawa da ya zama gidan tarihin soja, inda aka yi ƙawanyar 1900. Rana na take ki shiga kasuwar Kejetia. Bayan azahar ki haura Manhyia, gidan sarkin Asante da aka gina a 1925. Magariba ta same ki a Zango. Duba ki gani: kin taso daga yammacin tsakiyar gari kin ƙare a gabashinsa, kin taso daga kafuwar daula kin iso yau, kin taso daga sanyin safiya kin ƙare da hayaƙin tsire. Mai kallo ba zai san kin yi wannan dabara ba, amma zai ji tafiyar ba ta yi masa tsalle ba. Kuma wanda ya ga bidiyon ya zo gobe, zai iya bin sawun nan a yini guda. In bidiyo ya nuna tafki a daƙiƙa ta 20, fada a ta 30, ya sake komawa ƙauyen masaƙa a ta 40, baƙo zai ɗauka duk unguwa ɗaya ce, ya zo ya sha mamaki a cikin cunkoson mota.

Akwai kuma maganar iyaka, wadda masu rubutu kan manta, 'yan majalisa kuwa ba sa mantawa. Kumasin da muke faɗa a baki ta fi Kumasin da majalisar birni ke mulka girma. Asokore Mampong ta zama majalisa mai zaman kanta a 2012, kuma Aboabo da Sawaba a ƙarƙashinta suke. A 2018 aka sake yanke Oforikrom, Suame, Asokwa, Kwadaso da Old Tafo. Jami'ar KNUST tana ɓangaren Oforikrom. Bonwire ta masu kente tana ƙasar Ejisu, Ntonso ta masu adinkra da Ahwiaa ta masassaƙa suna Kwabre ta Gabas, tafkin Bosomtwe kuma yana da tasa gundumar, kimanin kilomita 30 daga gari. Ba na cewa ki jefar da su. Baƙo bai damu da iyakar majalisa ba. Amma mai biyan kuɗin zai so mafi yawan lokacin ya tafi a kan abin da ke hannunsa, kuma ba zai so a ce ya yi iƙirarin abin wani ba. Mafita ita ce ki tara su a daƙiƙa goma dab da ƙarshe a matsayin tafiyar gobe, ki nuna cewa a Kumasi ake kwana a je a dawo. Wannan ma ya fi yi wa majalisa amfani, domin kwanan baƙo shi ne kuɗin otal da na abinci da na mota. Wurin da za ku ɗauki hoton Zango ma ki tambaya tukuna a ƙarƙashin wa yake.

Rubutun kansa ki yi shi gida biyu a takarda: hagu abin da ido ke gani, dama abin da kunne ke ji, da lokaci a gefe. Ƙa'idar da nake bi ita ce abin da hoto ya riga ya faɗa, murya ba ta maimaita shi. In ana ganin mace tana dariya tana miƙa wa baƙo gyale, ba sai an ce mutanen Kumasi masu fara'a ne ba. Gani ya kori ji. Murya aikinta ta faɗi abin da kyamara ba za ta iya nunawa ba: wa ya zauna a gidan nan, me ya faru a bayan katangar nan, yaushe ake zuwa. Wato fara'a rabon hoto ne da muryar mutanen gari, gaskiyar tarihi rabon mai sharhi. Rubutunki ya zama darasi ne saboda kin ɗora wa mai sharhi kaya biyun duka.

Bari in bi jerin da ke, da lokacinsa.

Daƙiƙa 12 na farko, hoton gari yana farkawa, sautin ganga can ƙasa-ƙasa. Murya: "Fatake sun zo ƙasar nan neman goro. Da yawa suka sauke kaya suka zauna. Zo ka ga abin da ya riƙe su." Na zaɓi goro ne domin shi ne igiyar da ta ɗaure mai kallonki da ƙasar Asante tun kafin a haifi kakansa. Amma lura, na ce ƙasar nan, ban ce garin nan ba, kuma ban sa shekara ba. A ƙarni na 19 babbar mahaɗar fatake da goron Asante ita ce Salaga, a ƙasar Gonja, kuma Zangon Kumasi ya bunƙasa sosai ne bayan zuwan mulkin Turawa. In kika rubuta cewa Zango ya shekara ɗari biyar, dattijo ɗaya a masallaci ya isa ya rushe miki aikin.

Daga 0:12 zuwa 0:35, takobi. Murya: "A nan labarin ya fara. Mutanen Asante na cewa Okomfo Anokye ne ya kafa takobin nan a ƙasa, zamanin Sarki Osei Tutu na farko, kuma har yau yana inda ya bar shi." Wannan "na cewa" ba ado ba ne, shi ne ya ceci jimlar. Masu kallonki yawanci Musulmi ne. In kika faɗi labarin kamar ke ce mai shaida, wasu za su ce majalisa na tallata abin da ba su yarda da shi ba. In kuma kika kira Okomfo Anokye da sunan da ke ɗauke da raini a bakinmu, kin zagi masu gari a cikin bidiyon da kuɗinsu ya biya. Ki ambaci sunansa kawai, ki jingina labarin ga masu shi. Haka za ki yi da labarin saukowar Kujerar Zinariya, wadda Asante ke ɗauka a matsayin ran al'ummarsu. Kuma kada ki rubuta "hoton Kujerar Zinariya" a gefen hagu na takardarki, domin ba abin da ake fito da shi don kyamara ba ne.

Daga 0:35 zuwa 0:55, Cibiyar Al'adu. Mai sharhi jimla ɗaya kawai: "Tafiyar ƙafa kaɗan, ga masaƙa da masassaƙa suna aiki a gabanka." Sauran lokacin na ƙarar masaƙa ne da muryar masaƙin, yana faɗa da harshen Twi tsawon lokacin da zane ɗaya ke ɗaukarsa, fassarar Hausa a rubuce a ƙasa. Kada ki rubuta masa abin da zai faɗa. Rubuta tambayar da za a yi masa, ki bar gurbin daƙiƙa takwas. Mutumin da aka ba hadda, ana ganin haddar a idonsa.

Daga 0:55 zuwa 1:15, bariki. Murya: "A cikin katangar nan mayaƙan Yaa Asantewaa suka yi wa Turawan Ingila ƙawanya. Yau gidan tarihin soja ne." Shekarar 1900 ta fito a rubuce a kan hoto. Zan dawo kan dalili.

Daga 1:15 zuwa 1:45, Kejetia, rabin minti cur, kuma nan ne za ki fi yin shiru. Kwamiti zai so a ce ita ce kasuwa mafi girma a Afirka ta Yamma. Ana yawan faɗar haka, amma mai kallonki na Kano yana da Kantin Kwari da Sabon Gari, na kudu yana da Onitsha, kuma da zarar kin faɗa, gardama za a shiga yi a ƙarƙashin bidiyon maimakon shirin tafiya. Hoton rufin kasuwar daga sama da kogin mutane a ƙasa ya isa ya nuna girma. Abin da zan ba mai sharhi shi ne: "Rana ta take, ka shigo Kejetia. Kada ka yi sauri, kuma kada ka biya kuɗin farko da aka faɗa maka." Sai a bar ciniki na gaske ya gudana, mai atamfa da mai saye suna ja-in-ja har su yi dariya. Wannan ɗan barkwanci ya fi kalmar "maraba" goma aiki, domin haka ɗan gari ke yi wa baƙonsa magana.

Daga 1:45 zuwa 2:20, Manhyia. Nan ne ƙololuwar bidiyon, shi ya sa ya fi kowa lokaci, kuma nan kaɗai na yarda a karya ƙa'idar da nake bi a sauran wurare, ta gaskiya ɗaya a wuri ɗaya. Murya: "Turawa sun tafi da Sarki Prempeh na farko. Bayan shekara 28 ya dawo, kuma a gidan nan ya zauna. Kayan zinariyar da aka kwashe daga fada, wasu sun sake ganin Kumasi bayan shekara 150. Duk mako shida, ranar Lahadi, Asantehene, sarkin Asante, kan zauna a gaishe shi. Akwasidae ke nan." A kan hoto a rubuta 1896 da 1924, sannan 1874 da 2024.

Ga dalilin da na ce zan dawo kansa. Shekara tana da tsada a bakin Bahaushe. A takarda 1896 kalma ɗaya ce, amma mai sharhi zai furta ta da kalma bakwai ko takwas, wato kusan daƙiƙa huɗu. Shekaru huɗu a sakin layi ɗaya sun cinye miki rabin lokacin Manhyia, kuma ba wanda zai riƙe ko ɗaya. Ido ya fi kunne riƙe lamba. Kunne kuwa ya fi riƙe tsawon lokaci: shekara 28 a hannun Turawa, mafi yawansu a tsibiran Seychelles, abu ne da mutum zai ji a jikinsa. Saboda haka idan kina ƙirga kalmomi, ki ƙirga lambobi yadda za a furta su.

Lura kuma da "sun sake ganin Kumasi". Ban ce sun dawo gida ke nan ba. Kayan da suka zo a 2024 iri biyu ne. Waɗanda gidan tarihin Fowler na Amurka ya kawo, mayarwa ce ta dindindin. Waɗanda suka fito daga British Museum da V&A na Landan, guda 32, aro ne na wa'adi. Bidiyon majalisa kan yi shekaru yana yawo, don haka jimlar da za ta iya zama ƙarya nan gaba kada ta shiga bakin mai sharhi. Wannan ya shafi kuɗin shiga, lokacin buɗewa da rufewa, da lambar waya. Duk abin da kan canza, a sa shi a allon ƙarshe ko a rubutun da ke ƙarƙashin bidiyo, inda za a iya gyarawa ba sai an sake kiran mai murya ba. Da wannan ma'auni za ki raba duk bayanan da kwamiti ya ba ki gida uku: abin da ke rubuce a tarihi, a faɗe shi kai tsaye, abin da al'ada ta riƙe, a jingina shi ga masu shi, abin da kan sauya, a fitar da shi daga murya.

"Duk mako shida" ma dole ne ya fito. Hoton Akwasidae, da laimomi da kente da zinariya, shi ne mafi ɗaukar ido a duk abin da za ku ɗauka. In ba a faɗi lokacinsa ba, baƙo zai zo ranar Talata ya tarar da fili, ya ce an yaudare shi.

Daga 2:20 zuwa 2:42, Zango. Kiran sallar magariba, fitilu na kamawa, mai tsire yana juya nama, tuwo da miyar ayoyo, wake da shinkafa a ganye. Murya: "Magariba ta yi. Nan kuma ba sai an yi maka tafinta ba." Sai wata uwa a ƙofar gidanta ta dubi kyamara ta ce sannu da zuwa, bismillah. Ita ce za ta yi maraba, ba mai sharhi ba. A rubutun Turanci wataƙila su so su rufe da Rattray Park, wanda majalisa ta buɗe a 2015, kuma ba laifi. A na Hausa ni dai Zango zan rufe da shi, domin tambayar da ke zuciyar mai kallonki ita ce in na zo ina zan yi salla, me zan ci, wa zai ji maganata. Daƙiƙa 22 ɗin nan sun amsa masa duka ba tare da an jera su ba. Ki roƙi mai ɗaukar hoto abu ɗaya: ya ɗauki Zango da mutunci irin wanda ya ɗauki fada da shi, haske mai kyau, fuska a sarari. Kuma ya bar kiran sallar shi kaɗai, kada mai tacewa ya shimfiɗa kiɗa a ƙarƙashinsa.

Daƙiƙa goma na gaba: "Gobe kuma, kente a Bonwire, adinkra a Ntonso, ruwa a Bosomtwe. A Kumasi za ka kwana." Takwas na ƙarshe tambarin majalisa da inda za a nemi ƙarin bayani. In kika ƙirga duk abin da mai sharhi ya faɗa, bai kai kalma 200 ba, kuma haka ake so.

Za a ce miki ina jawabin shugaban majalisa. Kusan kullum ana faɗa. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban majalisar birni, 'yan majalisa su amince, saboda haka kujerar kan canza hannu in gwamnati ta canza, kuma bidiyon da ya buɗe da fuskarsa yakan tafi tare da shi. Ba sai kin faɗa masu haka gatsau ba. Ki ba da shawarar a yi kwafi biyu: ɗaya da gaisuwarsa ta daƙiƙa goma a ƙarshe don taruka, ɗaya babu don waya. Wuraren da kika cire kuma, irin su gidan namun daji, filin wasa na Baba Yara da jami'a, ki ce kowanne zai sami gajeren bidiyonsa na daƙiƙa 30 daga hotunan da aka riga aka ɗauka. Ɗan kwamitin da aka cire masa wurinsa yakan sauko in ya ji wurin zai sami nasa shi kaɗai.

Akwai abin da rubutu kan yi alkawari ranar ɗauka ta kasa cikawa, kuma gara ki san shi tun kina kan takarda. Yinin da bidiyon ke nunawa ba a yini ɗaya za a ɗauke shi ba: Akwasidae Lahadi ne, Kejetia kuwa ranar aiki take cika, don haka ranar bikin ce za ta tsara muku sauran jadawalin, kuma in ta wuce sai bayan kwana 42. Takobi a cikin asibiti yake, kada fuskar majinyaci ko ɗan jinya ta shiga hoto. Bariki na soja ne, fada ta sarki ce, kowanne sai da takardar izini, kuma takardar majalisa ba ta wadatar a fada. A kasuwa, kowane layin kaya yana da shugabarsa, ki gaishe ta kafin a ɗaga kyamara, in ba haka ba za ku ga hannuwa suna rufe fuska. Hoton sama da duron, wato ɗan jirgi maras matuƙi, yana buƙatar rajista da hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Ghana, kuma filin jirgin Prempeh na farko yana kusa da Manhyia da unguwannin Zango, saboda haka kada ki rubuta hoton sama a can sai an tabbatar za a bari. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan dushe sararin sama, tafkin Bosomtwe ya fito fari fat. In lokacin ne za ku ɗauka, rage hotunan nesa, ƙara na kusa. Ranar Asabar kuma gari kan cika da masu baƙi da ja na jana'iza, kada mai tacewa ya ga kyan taron ya sa shi a matsayin biki. Kiɗa ma, ko adowa ne ko kete, a ɗauki na makaɗan da kuka biya suka sa hannu, domin waƙar da aka tsinta a intanet na iya sa a toshe bidiyon ranar da aka sake shi.

Kafin ki kai wa kwamiti, ki gwada rubutun ta hanya uku. Karanta shi da ƙarfi da agogon waya a hannu, a natse, kina tsayawa inda aka bar wa hoto wuri. In kin wuce lokaci, cire jimla, kada ki ƙara sauri. Sannan ki bi shi jimla-jimla ki cire sunan Kumasi ki sa Tamale ko Zariya. Duk jimlar da ta zauna daram bayan canjin, irin su "gari mai ɗimbin tarihi da al'adu", ba ta Kumasi ba ce, share ta. Na uku, karanta wa mutum biyu da ba su ga takardar ba, ɗaya ɗan Zango ɗaya baƙo, ki ce su faɗo wuraren bi da bi. In sun kawo biyar cikin shida a jere, jerin ya kama. In sun haɗa bariki da fada, to mahaɗin da ke tsakaninsu ne bai fito ba, sai ki duba ko an ji cewa Turawan da aka yi wa ƙawanya su ne suka tafi da sarki. Ɓangaren Manhyia da na takobi kuwa, ki nemi wanda ya san al'adar fada ya saurara kafin kowa.

Ranar gabatarwa kada ki raba wa 'yan kwamiti takarda su karanta da ido, domin a takarda kalma 200 kan yi kama da rowa, kowa sai ya ɗauki biro ya ƙara layi. Ki ɗauki muryarki a waya, ki jera hotuna marasa motsi a kanta daidai da lokacin kowane wuri, ki kunna masu minti ukun su ji. Wanda ya ce a ƙara wuri, ki tambaye shi cikin ladabi wanne za a rage wa lokaci. Abin da aka amince da shi a zaman nan a sa masa hannu da kwanan wata kafin a kira mai murya, domin shi ana biyansa ne a kowane zama, kuma mai tacewa yana yanka hoto ne a kan muryar da aka ba shi.